Yadda Ake Mayar da Babin Zagayen Ruwa Takardar Bita

'Yar ƙanwata da ke shirin jarrabawar kammala sakandare ta kawo min littafinta na labarin ƙasa, ta buɗe babin zagayen ruwa. Shafi goma sha huɗu ne, kuma kusan duk layin da ke ciki ta ja masa alƙalami mai launin ɗorawa, har takardar ta yi jagab. Ta ce, "Kawu, sau uku na karanta shi." Na rufe littafin, na tambaye ta dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Ta yi shiru, ta dubi rufin ɗaki, sannan ta fara jero min sunayen matakan zagayen ruwa da Turanci, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Sunayen suna kanta tsaf. Amsar randa kuwa tana shafi na uku na babin da ta karanta sau uku, amma ba ta gane ita ce ba.

Laifin ba nata ba ne kaɗai. Irin wannan babi ana rubuta shi ne bisa jerin kalmomi: kowace kalma da kanta, da ma'anarta, da sakin layi biyu ko uku na bayani, sai a wuce ta gaba. Mai karatu yana ganin abubuwa ashirin masu nauyi ɗaya, bai san wanne ne ginshiƙi wanne ne ado ba. Aikin takardar bita shi ne a warware wannan jeri a sake ɗaura shi yadda kai zai iya ɗauka. Abin da muka yi ke nan ni da ita a yammaci uku, kuma shi zan bi daki-daki a nan.

Mun fara da karatu ɗaya na sauri, ba alƙalami a hannu, minti ashirin. Kanun batutuwa, zane-zane, jadawalin alƙaluma, da tambayoyin ƙarshen babi kawai muka tsaya a kansu. Daga nan na ce ta raba farar takarda gida biyu. A hagu ta rubuta duk wurin da ruwa ke zama, a dama ta rubuta duk hanyar da ruwa ke bi ya bar wani wuri ya koma wani. Duk kalmar da ke cikin babin dole ta faɗa ɗayan gidajen nan biyu, ko kuma ta zama dalilin da ke tura ruwan.

A gidan hagu ta samu shida: teku, ƙanƙarar doron ƙasa da ta tsaunuka, ruwan ƙarƙashin ƙasa, koguna da tafkuna, laimar ƙasar noma, da tururin da ke cikin iska. A gidan dama ma shida: tashin tururi daga fuskar ruwa, gumin ganye, komawar tururi ruwa, saukar ruwan sama, malalar ruwa a bisa ƙasa, da tsumawarsa cikin ƙasa. Masu turawa biyu ne kacal. Zafin rana ne ke ɗaga ruwa sama, nauyinsa kuma ke dawo da shi ƙasa ya gangara da shi. Shafi goma sha huɗu ya koma abu goma sha huɗu, kuma kowane abu na gidan dama kibiya ce da ke haɗa biyu na gidan hagu. Da ta ga haka sai ta ce, "Ashe ma'aji ne da hanya kawai." Wannan jimla tata ita muka sa a saman takardar bitar.

Akwai abin lura game da harshe. Jarrabawa da Turanci za a yi ta, don haka kalmar littafi dole ta zauna a takardar kamar yadda take, da rubutunta daidai. Amma a gefen kowace sai ɗalibi ya rubuta ma'anarta da Hausarsa ta gida, kuma a nan ake tuntuɓe. Na ga ɗalibai da yawa suna fassara komawar tururi ruwa da "daskarewa". A kunnen Bahaushe abin da ya daskare ya zama ƙanƙara ne ko ya sandare kamar kitse, sai yaro ya tashi da tunanin cewa gajimare daskararren abu ne. Gara a rubuta doguwar magana mai gaskiya, "tururi ya huce ya koma ɗigon ruwa", a kan gajeriyar kalma mai ɓatarwa.

Sai taƙaitawa, wadda ita ce aikin da aka fi yi ba daidai ba. Yawancin ɗalibai kwafe jimlolin littafi suke yi suna cire wasu kalmomi, littafi a buɗe a gabansu. Hannu ya yi aiki, kai bai yi ba. Ƙa'idar da na ba ta ita ce ta karanta sashe ɗaya, ta kife littafin, ta rubuta abin da ta gane cikin jimla uku zuwa huɗu, sannan ta buɗe ta gyara da alƙalami mai wani launi. Kuma kowace taƙaitawa ta amsa abu uku: daga ina zuwa ina, me ke jawo shi, me ke ƙara shi ko rage shi.

Ga yadda ta kasance da sashen tashin tururi, wanda ya ci shafi biyu da rabi a littafin. Rubutunta na farko cewa ya yi: "Rana tana dafa ruwan teku ya zama tururi ya tashi sama." Jimlar ta yi kama da daidai, amma akwai ɓaraka biyu a cikinta. Kalmar "dafa" tana nuna sai ruwa ya tafasa, wato ya kai digiri 100, kafin ya zama tururi, alhali wanki yana bushewa a igiya ba tare da ya tafasa ba. Sannan ba ta faɗi komai a kan abin da ke sa shi sauri ba. Bayan ta koma littafin, muka yi gardama kaɗan, ga abin da ya tsaya: "Ruwa yana barin fuskar teku, kogi ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga iska a matsayin tururin da ido ba ya gani, ko da bai tafasa ba. Kafin ya tashi sai ya kwashi zafi daga abin da yake kai, shi ya sa wurin ke yin sanyi. Yana ƙara sauri in akwai zafi, in iska busasshiya ce, in tana kaɗawa, in kuma fuskar ruwan tana da faɗi." Tana gama rubuta jimla ta biyu ta ɗago kai ta ce, "Randa!" Jikin randa yana tsattsafar da ruwa, ruwan da ya fito yana zama tururi, kuma zafin da yake tafiya da shi daga na ciki yake kwasowa. Bokitin roba ba ya tsattsafo.

Haka muka bi sauran biyar, ba sai na jero su ba. Ɗaya kawai zan ƙara, domin kuskuren da ke cikinsa ya zama ruwan dare. Farin hayaƙin da ake gani a bakin buta ba tururi ba ne a ma'anar kimiyya, ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka huce. Tururin gaske yana ɗan tsakanin nan da ba a ganin komai, dab da bakin butar. Gajimare ma haka yake, ɗigon ruwa ne ko ƙwayoyin ƙanƙara da suka taru a jikin ƙura da gishirin da ke yawo a iska. Abin da ke sa su taru shi ne iska tana hucewa in ta hau sama, a matsakaici digiri 6.5 a kowace kilomita guda, kuma iska mai sanyi ba ta riƙe tururi da yawa kamar mai ɗumi.

Alƙaluma su ne suka fi tsorata ta. Babin yana da jadawali mai layi goma sha ɗaya, wasu lambobin da sifili uku bayan ɗigo. Ba a haddace irin wannan, ana mayar da shi ma'aunin da ido ya sani. Muka ce a ɗauka duk ruwan duniya lita 100 ne, wato jarka huɗu masu cin lita 25. Kusan lita 97 na teku ne, mai gishiri. Kusan lita 2 ƙanƙara ce. Ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa bai cika lita guda ba. Na koguna da tafkunan ruwan daɗi gaba ɗaya bai cika babban cokali ba. Wanda ke cikin iska kuwa, wanda duk daminar duniya daga gare shi take, mililita guda ne, ɗigo ashirin ko makamancin haka.

A nan ne tambaya mafi daɗi a babin take ɓoye, kuma littafin bai yi ta ba. In ruwan da ke cikin iska bai taka kara ya karya ba, ta ina ake samun ruwan sama mai yawa haka? Da za a matse duk tururin da ke sararin duniya ya sauko lokaci guda, zurfinsa a bisa ƙasa kusan milimita 25 zai yi. Ruwan da ke sauka a duniya a shekara kuwa, in an raba daidai, kusan milimita 1,000 ne. A raba 1,000 da 25, a samu 40. Ma'ana wannan ƙaramin ma'aji yana cika yana zubewa kusan sau 40 a shekara. A raba kwana 365 da 40, a samu kwana tara da 'yan kai. Littafin ya faɗi cewa tururi yana yin kimanin kwana tara a iska, amma a matsayin lamba ɗaya cikin jadawali ya ajiye ta. Da ta fitar da ita da hannunta daga lambobi biyu, ba ta sake buƙatar haddace ta ba. Wannan lissafi mun ba shi akwatinsa na musamman a takardar.

Lambobi huɗu kawai muka ƙara a kai. Cikin kashi 100 na tururin da ke tashi a duniya, kusan 86 daga teku ne, 14 daga tudu. Cikin kashi 100 na ruwan da ke sauka, kusan 78 a teku yake sauka, 22 a tudu. Teku ta yi asarar 8, tudu ya ci ribar 8. Iska ce ke kai wannan 8 ɗin tudu, koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke mayar da shi. Duk wanda ya riƙe wannan ya san dalilin da ya sa koguna ke gudana tun fil azal ba tare da teku ta cika ta tumbatsa ba.

Zanen da ke littafin irin wanda kowa ya sani ne: dutse a hagu, teku a dama, rana a sama, kogi yana gangarowa ya faɗa teku. Na sa ta sake zana shi da ka, sannan na tambaye ta inda ruwan da ya sauka a rufin gidansu a Kano yake ƙarewa. Ta ce teku. Ba haka ba ne. Ruwan Kano yana bin Kogin Kano da na Challawa ya shiga Kogin Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tafkin ba shi da mafita zuwa teku. Ruwan da ya shiga cikinsa ko dai ya tashi tururi ko ya tsuma ƙasa. Na Sakkwato ne ke bin Rima ya shiga Kwara ya isa Tekun Atilantika. Don haka muka yi zane biyu a takardar, na littafi don jarrabawa, da namu na gida. A na gida muka sa kibiyar iskar damina tana tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da laimar teku, da kibiyar iskar hunturu tana saukowa daga arewa maso gabas ba laima ko kaɗan. Zane na biyu bai ɓata na farko ba. Ya nuna mata cewa ana iya tsallake mataki, ruwa ya tashi daga tafki ya koma sama ba tare da ya ga teku ba, kuma masu shirya jarrabawa suna son gwada ko ɗalibi ya san haka.

Yanzu ga tambayoyin gwajin kai, waɗanda a wurina su ne rabin takardar. Akwai hujja a kan haka. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗaliban jami'a a Amurka gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba. Ba a wanke allo sai an biya da ka a gaban malam, kuma tilawa ce ke riƙe abin da aka wanke. Karatu uku da 'yar ƙanwata ta yi duba allo ne, ba ta taɓa biyawa ba.

Sai dai ba kowace tambaya ce ke aiki ba. Mun rubuta ashirin, muka kasa su hawa uku, ba daidai wa daida ba. Hawan farko na tuna suna ne da ma'ana, guda shida kawai, don su ne mafi sauƙin rubutawa kuma mafi ruɗi, mutum ya ci su duka ya ɗauka ya iya babin. Hawa na biyu na dalili ne, guda tara, kowace tana farawa da "me ya sa" ko "me zai faru in". Me ya sa wanki ke bushewa da sauri a hunturu duk da sanyi, amma ya wuni a jiƙe a watan Agusta? Me ya sa ledar ruwa mai sanyi ke yin gumi a waje, kuma daga ina ruwan gumin ya fito? An yi ruwa iri ɗaya a jigawa da kan fako, a ina zai fi malala, a ina zai fi tsumawa? Me zai faru da rijiyoyin unguwa in aka shafe filayenta da siminti da kwalta? Duk amsoshin suna cikin babin, amma ba a jimla ɗaya ba, sai an haɗo abu biyu.

Hawa na uku na lissafi ne da zane, guda biyar. Ɗaya ta dogara da abin da kowane ɗalibi ya kamata ya sani, cewa milimita guda na ruwan sama daidai yake da lita guda a kan kowace murabba'in mita. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8 ya samu ruwan milimita 20, jarka nawa za a tara? Murabba'in mita 80 sau 20 ya ba da lita 1,600, wato jarka 64. Wata kuma a kan ma'aunin shiga da fita ce, wanda littafin ya rubuta P = E + Q + ΔS. Fassararsa ita ce ruwan da ya sauka daidai yake da wanda ya tashi tururi har da gumin ganye, da wanda ya malale, da canjin da aka samu a ajiyar ƙasa. Muka sa alƙaluman misali: an yi ruwa milimita 800 a shekara, 650 ya tashi, 100 ya malale, me ya rage? Saura 50, ajiya ta ƙaru. Sai muka juya ta: shekarar fari an samu 600, 580 ya tashi, 60 ya malale. Amsa ta fito da ragi na 40. Ta ɗauka ta yi kuskure, ta goge ta sake, ta sake samun haka. Babu kuskure. Ragin yana nufin an ci daga ajiyar bara, shi ne abin da mai jan guga ke gani in ya ƙara wa igiya tsawo.

Wasu daga tambayoyin mun mayar da su na zaɓi, tunda haka ake fara jarrabawar. Dabarar tana wurin amsoshin bogi. In aka sa na wauta, ido ne zai zaɓi daidai, ba sani ba. Kurakuranta na gaske muka ɗebo muka jera. A tambayar ledar ruwa, zaɓin farko shi ne ruwan ciki ne ya tsattsafo, domin abin da ta fara faɗa ke nan, ta ɗauko amsar randa ta ɗora inda ba wurinta ba. Na biyu, ƙanƙarar ciki ce ta narke ta fito. Na uku, tururin iskar ɗaki ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa, wanda shi ne daidai. Randa da leda duka suna jiƙewa a waje, amma ɗaya ruwa ne ke fita yana tashi, ɗaya ruwa ne ke sauka daga iska. Mun ajiye tambayoyin biyu kusa da juna da gangan.

Amsoshi a bayan takarda suke, ba a ƙarƙashin tambaya ba, kuma kowace amsa da lambar shafin littafi a gefenta. Wannan lamba tana da muhimmanci, domin taƙaitawa tana iya ɗauke da kuskure, kuma in babu hanyar komawa tushe kuskuren ne za a haddace. Ana amsawa a rubuce ko da murya kafin a juya. "Na san wannan" a zuci ba amsa ba ce. Ta yi zagayen farko washegari, na biyu bayan kwana uku, na uku bayan mako, kuma duk tambayar da ta faɗi ta sa mata ɗigo ja, da ita za a fara a zagaye na gaba.

Ɗigon jan nan suna gaya wa mutum inda takardar kanta ta gaza. In ɗalibi yana cin hawan farko yana faɗuwa a na biyu, taƙaitawarsa ma'anoni ne kawai babu dalilai, sai a koma a ƙara "me ke jawo shi". In yana cin tambaya amma ya rikice da zarar an sauya mata kalmomi, tambayar ya haddace, sai a canza misalin, a sa tulu a madadin randa, ko gilashin mota da asuba a madadin leda. In takardar ta wuce shafi uku ga babi mai shafi goma sha huɗu, an fara kwafar littafi ne. Tamu ta tsaya a shafi biyu da rabi: ma'aji da hanyoyi da zane biyu a na farko, taƙaitawa shida da akwatin alƙaluma a na biyu, tambayoyi a sauran.

A zagayenta na farko ta ci 11 cikin 20, kuma biyar daga tara da ta faɗi duk a kan tsumawa da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke. Da muka duba, sai muka ga ta rubuta cewa akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa da rijiya ke hudawa. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba, ruwan yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagogin dutse, yana tafiya a hankali ƙwarai. Na cika kofin gilashi da yashi, ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har layin jiƙa ya hau rabi, sannan ta tura yatsa ta yi rami. Ruwa ya taru a gindin ramin daidai tsayin layin. Ta goge jimlar kogin ta rubuta sabuwa, muka ƙara tambaya ta 21 a kan abin da ke sa ruwan rijiya ya hau a ƙarshen damina ya sauka a bazara.